Minti goma a gaban juri: allunan Hafsat guda shida

Hafsat: Assalamu alaikum, malamaina da yayyena. Saura kwana goma sha ɗaya in tsaya gaban juri, wato alƙalan da ke tantance ayyukan ɗalibai, da aikina na ajin ƙarshe a fannin zanen gine-gine, kuma ina neman a gyara mini tsarin bayanina tun kafin in kai zanen wurin masu bugawa. Aikin ƙaramin asibiti ne na matakin farko a wani gari da ke kusa da Kano, mai sashen awo, da ɗakin haihuwa, da ɗakunan kwanciya biyu, da ɗakin magani, an gina shi da bulon ƙasa wanda aka matse da inji. An ba mu minti goma na bayani da minti goma na tambayoyi, da izinin alluna shida masu girman A1 da samfuri ɗaya. Yadda na tsara shi ne, allo na farko tarihin ginin Hausa, na biyu gine-ginen da na yi nazari, na uku nazarin fili, na huɗu tunanin da na ɗora aikin a kansa, wato siffar ƙwarya, na biyar fulan da sekshan, wato zanen ginin daga sama da zanensa a yanke ta gefe, na shida hotunan kwamfuta. Na gwada da agogo sau biyu, kuma duk sau biyun minti goma ya cika ina kan allo na huɗu.

Akitek Bala: Wa alaikumus salam, Hafsat. Agogon ya riga ya faɗa miki gaskiya, domin abin da kika jera tarihin yadda kika yi aikin ne tun daga farkon zango, alhali alƙalan sun zo ne su ga asibiti. Kafin mu taɓa alluna, ina so ki amsa mini tambaya ɗaya a jimla ɗaya: wace matsala kika gani da idonki a garin nan, kuma wane hukunci kika yanke a zanenki saboda ita? Kada ki ambaci ƙwarya a cikin amsar.

Hafsat: Yallaɓai, da na je asibitin da suke amfani da shi yanzu ranar awo, na tarar da mata masu ciki zaune a ƙasa a gindin darbejiya tun da hantsi, a wurin da maza masu sayen magani da masu babur suke wucewa, kuma wasu sun ce mini saboda haka ne ba sa son dawowa. Shi ya sa na raba hanya biyu tun daga zauren shiga, ta dama zuwa ɗakin magani da ɗakin ganin likita, ta hagu zuwa tsakar gida mai baranda wadda mata kaɗai ke shiga, ɗakin haihuwa kuma yana can ƙuryarta.

Akitek Bala: To ai wannan shi ne aikinki, kuma abin mamaki bai samu ko allo ɗaya ba a cikin shidan da kika lissafa. Da ni ne, da abin da kika rubuta yanzu zan buɗe baki, kusan kalma da kalma, cikin minti ɗaya ko ƙasa da haka, da hoto guda na gindin bishiyar nan idan kin ɗauka ba tare da fuskar kowa ta fito ba. Daga nan sai ki ɗauki mace ɗaya ki bi ta da yatsa a kan fulan: ta sauka daga babur a bakin ƙofa, ta shiga zaure, ta karɓi kati, ta juya hagu, ta zauna a baranda ta jira, aka kira ta awo, sannan bayan wata uku ta dawo da tsakar dare tana naƙuda, ta wace ƙofa za ta shiga, kuma taku nawa ne daga nan zuwa gado. Wannan tafiya ita za ta ci minti huɗu ko biyar, kuma a cikinta ne za ki faɗi kusan duk abin da kike son faɗa. Idan matar ta zauna a baranda, nan ne wurin maganar rana da inuwa, sai ki koma kan sekshan. Idan ta shiga ɗakin awo ta ji sanyi, nan ne wurin maganar kaurin bango da bulon ƙasa. Da haka nazarin fili ya daina zama darasi na dabam wanda alƙalai ke jira ya wuce, ya koma dalilin da ake kawowa a daidai lokacin da aka buƙace shi.

Sauran lokacin ki ba da minti biyu ga yadda za a gina shi, minti ɗaya ga abin da kika san bai kammalu ba, ki tsaya a minti tara. Wanda aka katse shi da "lokaci ya cika" yana shiga tambayoyi a rikice, kuma na sha ganin hakan a zaman juri.

Tarihin ginin Hausa kuwa, mutanen da za su zauna a gabanki sun fi ki sanin masallacin Juma'a na Zariya da aikin Babban Gwani, wasunsu ma su suka koyar da shi shekara da shekaru. Ki ɗauki abu ɗaya kawai da kika ara, wato yadda zaure yake tace mai shiga gida, ki faɗe shi a lokacin da matar ta taka zauren.

Injiniya Sani: Na yarda da yawancin maganar Akitek, amma ina da ja a kan hotunan kwamfuta. A wurin aiki na ga yadda hoto mai kyau yake sayar da gini kafin a buɗe baki, don haka ni shawarata a sa babban hoto a allo na farko, ya cika shi gaba ɗaya, ya kama idon alƙalai tun suna shigowa. Sannan a wajen tambayoyi, ƙanwata, kada ki yarda ki ce ba ki sani ba. Ko me aka tambaye ki, ki samo abin faɗa, domin da zarar sun ga rauni sai su taru a kansa.

Akitek Bala: Injiniya, rabin farko na maganarka gaskiya ne a gaban mai kuɗin gini, kuma ko a juri hoto ɗaya babba yana da amfani, in dai hoton yana ɗauke da hukuncin da aka yanke. Hoton cikin tsakar gidan matan, daga tsayin idon wadda ke zaune a baranda, ya cancanci rabin allo. Hoton ginin daga sama da faɗuwar rana da motocin da babu irinsu a garin bai cancanci komai ba, kuma yakan jawo tambayar da ba a so. Rabi na biyu kuwa ban yarda da shi ba ko kaɗan, zan dawo kansa idan mun zo tambayoyi.

Bari mu yi maganar bango da awo. A1 milimita 594 ne a 841. Idan kika kwantar da su, uku a sama uku a ƙasa, za su ci kimanin mita 2.5 a faɗi da mita 1.2 a tsayi, kuma mutumin da ke zaune mita uku daga bango yana ganinsu duka ba tare da ya juya wuya ba. Idan kika tsayar da su shida a jere za su ci fiye da mita 3.5, ke kuma za ki yi ta safa da marwa kina ba alƙalai baya. Na fi son na farko, da sharaɗin ki je ki auna bangon da za a ba ki tun yanzu. Allunan biyu na tsakiya su ne masu daraja, saboda nan ido yake fara sauka: fulan na sama, sekshan a ƙarƙashinsa, a sikeli ɗaya, a jere ta yadda idan aka sauko da layi daga bangon da ke fulan zai faɗa kan bangon nan a sekshan. Mene ne girman ginin naki?

Hafsat: Mita 48 ne a 30, filin kuma mita 90 a 70. Na yi fulan a 1:200 don ya samu wuri tare da sekshan biyu da fuskokin ginin huɗu a allo ɗaya.

Akitek Bala: Nan ne kika cuci kanki. A 1:200 ginin naki santimita 24 ne a 15, bai kai girman takardar rubutu ba, kuma daga kujerar alƙali ba za a ga ƙofa ba balle gado. A 1:100 zai zama santimita 48 a 30, ya zauna a A1 da sarari a gefensa, a ga gadaje da bencina da inda ƙofa take buɗewa. Filin gaba ɗaya shi ne za ki yi a 1:200, ya ba ki santimita 45 a 35, ya tafi allon hagu na sama tare da hoton bishiyar. Fuskoki huɗu ba dole ba ne su zama manya, biyu sun isa, wato ta shiga da ta gabas. Hannun dama ya ɗauki hoton tsakar gida a sama, a ƙasa kuma yankin bango ɗaya tun daga tushe har rufi a 1:20. Allon hagu na ƙasa ya rage wa gine-ginen da kika yi nazari, kuma ko su ki rage su zuwa biyu, kowanne da zane ɗaya na abin da kika koya daga gare shi. Idan makarantar Gando ta Francis Kéré a Burkina Faso na cikinsu, kamar yadda take cikin na kusan kowa, to zanen ya nuna rufin kwano da aka ɗaga sama da silin ƙasa don iska ta ratsa, ya kuma nuna inda kika yi irinsa a naki.

Abu biyu ƙanana da suke zubar da maki a banza. Arewa ta kalli gefe ɗaya a kowane fulan, domin idan kika juya ginin a wani allo don ya samu wuri, alƙali zai ɓata minti biyu yana neman ƙofar shiga maimakon ya saurare ki. Sannan bangon da aka yanka ya fito baƙi ƙirin, abin da ke bayansa ya zama siririn layi. Ki buga allo ɗaya na gwaji, ki manna, ki ja da baya mita uku, duk rubutun da ba ki iya karantawa ba ko dai ki ƙara girmansa ko ki cire shi.

Nura: Maganar bugawa ta tuna mini da abin da ya same ni shekara biyu da suka wuce, kuma har yau ina jin zafinsa. Na kai fayil ɗina wurin wani mai bugawa da daren jajiberin juri, layi ya yi tsawo, yaron shagon ya bar zaɓin Fit to page a kunne maimakon Actual size, ni kuma ban duba ba. Washegari baƙon alƙali ya ciro sikelinsa daga aljihu ya ɗora a kan ƙofar da na rubuta milimita 900, ta ba shi wajen 860. Bai yi faɗa ba, ya dai tambaye ni wane sikeli ne wannan, kuma daga nan duk wani awo da na faɗa sai ya ɗora sikelin ya duba. Hafsat, ki sa sandar sikeli a kowane zane, ki tafi shagon da naki sikelin, ki auna takardar farko kafin a buga sauran, kuma ki yi hakan kwana uku kafin ranar saboda wuta da layi.

Maman Ilham: Ni ɗinki na karanta, kuma mu ma mun tsaya gaban alƙalai da kayan da muka zana. Abin da ya taimake ni shi ne na haddace bayanina tsaf kamar karatun allo, na kuma sa kaya masu launin da ya dace da aikina. Ina ganin Hafsat ta rubuta jawabin ta haddace, ta kuma haɗa launin allunan da launin ƙwaryar, tunda ita ce taken aikin.

Hafsat: Na gode, Anti. Maganar ƙwaryar ce ma take damuna yanzu, saboda Yallaɓai ya hana ni ambatonta, alhali malamin da ke duba aikina ya san ta tun mako na uku, kuma ita ce ta ba ni lanƙwasar bangon tsakar gidan. Idan na yi shiru a kanta zai ga kamar na watsar da abin da muka yi tare.

Akitek Bala: Ban ce ki ɓoye ta ba, na ce kada ta zama ginshiƙi. Tambayar da za ta biyo bayanta sananniya ce: me ƙwarya ta yi wa mai naƙuda? Idan lanƙwasar tana sa ma'aikaciyar jinya ɗaya ta ga duk barandar daga teburinta, to ki faɗi wannan, sannan ki ƙara da cewa daga ƙwarya kika fara. Idan ba ta yin komai sai wahalar da mai jera bulo da mai kafa gado a jikin bango, gara ki san haka kafin a faɗa miki. Game da hadda, Hajiya, ina ganin jimlar farko da ta ƙarshe kaɗai suka cancanci a haddace, domin mai hadda idan aka katse shi a tsakiya sai ya rasa inda zai kama, amma mai bin mace ɗaya a kan fulan yatsansa yana nan inda ya tsaya. Kuma tunda da Turanci za ki yi bayanin, ki fara yi wa mahaifiyarki da Hausa, fulan a gabanta. Inda ta ce ba ta gane ba, a nan labarin ya karye.

Yanzu tambayoyi. Turo mini awo uku: nawa daɓen ginin ya ɗaga daga ƙasa, nawa ne tsawon gangaren da keken marasa lafiya zai hau, kuma nawa rufi ya fito a kowane gefe?

Hafsat: Daɓen ya ɗaga milimita 600 saboda ruwa yana kwanciya a filin da damina. Gangaren mita 4 ne. Rufin ya fito mita 1.2 a kudu, a arewa kuma ban fitar da shi ba tunda rana ba ta zuwa ta can, gabas da yamma milimita 300.

Akitek Bala: To ga tambayoyinki uku sun fito, kuma gara da suka fito a nan. Gangaren da aka saba karɓa bai wuce 1:12 ba, wato kowane milimita ɗaya na hawa yana son goma sha biyu na tsawo, don haka 600 yana buƙatar mita 7.2, ban da wurin hutawa a sama da ƙasa. Naki ya kusa ninka wannan tsanani, a asibiti kuma, inda za a tura mace a keke da dare. Wannan kuskure ne zalla, kuma kina da kwana goma sha ɗaya, ki gyara shi.

Maganar arewa kuwa daga littattafan ƙasashen sanyi kika ɗauko ta. Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana tana arewa da kanmu da tsakar rana. Sa'arki ita ce a lokacin tana sama sosai, wajen digiri 78 a watan Yuni, don haka fitowar rufi ta milimita 600 ta isa ta rufe kusan duk bango mai tsayin mita uku da tsakar rana. A kudu, a watan Disamba, rana tana wajen digiri 55, kuma mita 1.2 ɗinki zai ba da inuwar kusan mita 1.7 daga bakin rufi zuwa ƙasa, wanda ya rufe tagogi. Ki zana waɗannan layuka biyu a kan sekshan, tambayar ta mutu kafin a yi ta.

Gabas ce ta fi damuna. Kowane magini a ƙasar nan ya san hadari daga gabas yake tasowa, kuma bangon gabas shi ruwa yake duka, shi ya sa shi ake fara yi wa yaɓe. Bangon ƙasa da rufin milimita 300 a gabas tambaya ce da ke jiran mai yi.

Injiniya Sani: A nan ne nake cewa ta samo abin faɗa. Tana iya cewa an sa siminti a cikin bulon, ruwa ba zai ci shi ba, a wuce wurin.

Akitek Bala: Sai a tambaye ta kashi nawa na siminti, da wace irin ƙasa, da wa ya gwada, kuma kowace amsa ta ƙirƙira tana haifar da tambaya biyu. Tambayoyin juri ba iri ɗaya ba ne, amsarsu ma haka. Akwai wadda amsarta tana kan allo, wannan ki taka ki nuna da hannu, ki yi magana kaɗan. Akwai wadda ta taɓa zaɓin da kika yi da saninki, misali a ce raba hanya biyu ya ƙara tsawon baranda da kuɗin gini, wannan ki amsa cewa haka ne ya ƙara, ga abin da kika saya da ƙarin, ki tsaya a kan ra'ayinki cikin ladabi ko da mai tambayar farfesa ne. Akwai kuma wadda ta kama ki da gaske, wannan ki ce ba ki warware shi ba, sannan nan take ki nuna a kan zanen inda za ki fara gyarawa. Wanda ya ce "ban duba ba, amma da zan fitar da rufin gabas in yi wa ƙasan bangon yaɓen siminti" ya nuna yana tunani irin na mai zanen gini. Kuma ki bari a gama tambaya kafin ki buɗe baki, in ta yi tsawo ki maimaita ta a taƙaice, saboda sau da yawa rabin abin da alƙali ya faɗa sharhi ne wanda ba ya neman amsa.

Ramatu: Ni ungozoma ce, ƙanwata ce ta sa ni a wannan zauren tattaunawa, kuma ban san sikeli ba. Amma da ni ce a kujerar alƙalan, abin da zan tambaya shi ne yadda za a wanke ɗakin haihuwa mai bangon ƙasa, domin mu kullum da ruwa da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta muke wanke bango da daɓe, jini kuma ba ya zaɓar inda zai fantsama. Sannan ina ake kai mabiyiya da ƙazantattun kaya, ta cikin barandar da mata ke zaune za a ratsa da su? Kuma mijin da ya kawo matarsa da dare, tunda kin hana maza shiga, a ina zai tsaya a same shi idan ana neman jini ko mota?

Hafsat: Anti Ramatu, ta farko ina da amsarta, domin ɗakin haihuwa da banɗakuna na yi musu filasta da tayil har tsayin ƙofa, sai dai ban nuna hakan a ko'ina ba, yanzu zan mayar da yankin bangon 1:20 ya ratsa ta ɗakin haihuwa don a gani. Ta biyu akwai ƙofar baya, amma ban zana hanyar da ta tashi daga ita zuwa wurin ƙona shara ba. Ta uku kuwa ban taɓa tunaninta ba sam, kuma ta taɓa ainihin hukuncin da na gina aikin a kansa.

Nura: Ni a ganina kada ki tayar da ta ukun da kanki. Ki ƙara benci a zaure ki yi shiru, in an tambaya ki nuna. Minti ɗayan da Akitek ya ware wa abin da bai kammalu ba, ni tsoronsa nake ji, domin na ga wanda ya faɗi rauninsa da bakinsa, alƙalan suka shafe minti goman tambayoyi a kansa, ba wanda ya ƙara kallon sauran aikin.

Akitek Bala: Hakan yana faruwa, Nura, ba zan musa ba, kuma ya danganta da waɗanda suka zauna ranar. Ni dai na fi karkata ga ta faɗa, saboda duk wanda ya taɓa kai mace asibiti da dare zai hango wannan giɓin, kuma benci a zaure mai nisan mita talatin daga ɗakin haihuwa bai rufe shi ba. Hafsat, duba ko ƙofar dare da za ki buɗe wa mai naƙuda za ta iya samun 'yar rumfa a wajenta, inda namiji zai tsaya kusa ba tare da ya shiga tsakar gidan ba.

Hafsat: Akwai wuri a gefen yamma, amma nan ne na yi niyyar miƙa gangaren idan na tsawaita shi zuwa mita 7.2, kuma su biyun ba za su shiga tare ba sai na matsar da tankin ruwa. Zan gwada hanya biyu yau da dare in turo fulan gobe bayan azahar, in sha Allahu. Yaya Nura, har yanzu ban yanke ba ko zan faɗi maganar mijin da bakina ko zan jira a tambaya.